Garin Albasa da Naira 740,000: Yadda Ɗalibai Uku a Sakkwato Suka Gina Jawabin Minti Biyar

Ana sauran kwana goma sha ɗaya a yi zagayen ƙarshe na gasar sana'o'in ɗalibai a makarantar da nake koyarwa a Sakkwato, ɗalibai uku suka same ni a ofis da takarda shafi huɗu. Farkon Janairu ne, hazo ya rufe gari, kowa da hular sanyi. Mace ɗaya ce a cikinsu, 'yar aji uku a sashen noma, ita ce shugaba kuma ita za ta tsaya gaban alƙalai. Sauran biyun maza ne, ɗaya yana karanta akanta, ɗayan kimiyyar sinadarai. Dokar gasar ba ta da tsawo. Kowace ƙungiya tana da minti 5 na magana da minti 3 na amsa tambaya, za ta iya neman har naira miliyan ɗaya, kyauta ce ba bashi ba, kuma an yarda a yi da Hausa ko Turanci, domin biyu daga cikin alƙalai huɗun 'yan kasuwa ne daga cikin gari. Da minti biyar ya cika za a kaɗa ƙararrawa a kashe lasifika.

Na ce ta tashi ta karanta mini kamar yau ce ranar, na kunna agogon waya na ajiye a kan tebur. Ta gama a minti 8 da daƙiƙa 50. Da ta zauna na tambaye su abu ɗaya: nawa kuke nema? Suka kalli juna. Can sai ɗan akanta ya ce, "Malam, ai duk abin da Allah ya hore, munka gode." Jimlar ƙarshe a takardar tasu ma abin da take cewa ke nan, suna roƙon alƙalai su tallafa musu domin su cika burinsu.

Abin takaicin shi ne sana'ar tasu tana da ƙwari, ta fi ta mafi yawan waɗanda suka shiga gasar. Mahaifin yarinyar manomin albasa ne a wani ƙauye kusa da Wurno, kuma duk wanda ya tashi a wannan yanki, ko Goronyo, ko Kware, ko Gada, ya san yadda kasuwar take juyawa. Daga Fabrairu zuwa Afrilu albasar rani takan fito gaba ɗaya, farashi ya faɗi ƙasa. Mai hali yakan ajiye tasa a rudu ya jira tsada, yana kallon wani kaso yana ruɓewa, wani yana tsiro, wani yana motsewa. Marar hali ya sayar yadda aka taya. Zuwa ƙarshen damina da farkon sanyi kuma albasa ta zama abin lallaɓawa a kicin. Su ukun suka ce bari su sayi ta arha, su yanka, su busar, su niƙe, su ƙulla a leda giram 50, su sayar lokacin tsada. Kusan kashi tara cikin goma na albasa ruwa ne, saboda haka buhun da ya kai kilo 90, bayan an ɓare an gyara ya koma kilo 80, garin da ke fitowa bai wuce kilo 8 ba. Kilo 8 ɗin nan shi ne leda 160.

Kuma sun riga sun gwada, a watan Maris na shekarar da ta gabata, da buhu uku da kuɗin aljihunsu. Akwai wani ƙaramin littafi mai bangon shuɗi da ɗan akanta ya rubuta komai a ciki, har kuɗin keke napep. Ko kalma ɗaya daga littafin nan ba ta shiga jawabin ba. Abin da ya cika shafi huɗun shi ne gaisuwa ga kowane alƙali da muƙaminsa, wadda ta ci kusan minti ɗaya, sai tarihin Sakkwato tun daga jihadin Shehu na 1804, sai amfanin albasa ga lafiya, sai wasu alkaluma na biliyoyin daloli game da kasuwar kayan yaji ta duniya da suka kwaso daga intanet, waɗanda da na tambaye su inda suka samo babu wanda ya iya tunawa. Gwajin da suka yi da hannunsu ya samu layi biyu a shafi na uku.

Ban ga laifinsu sosai ba. Haka muke koya musu rubutu tun aji ɗaya: gabatarwa, tarihi, ma'ana, sannan a zo kan magana. A jarrabawa wannan yana ba da maki. Amma alƙalin da ya saurari ƙungiya tara kafin taka, tambaya ɗaya yake riƙe da ita a ransa, kuɗin nan in na ba wannan yaro me zai zama. Akwai kuma kunya irin tamu. Yaron kirki ba ya buɗe baki ya yanka wa babba farashi, ana cewa ne a taimaka. Sai da na tuna musu cewa alƙalan nan da kuɗi suka zo, an kuma ce musu su raba, saboda haka wanda ya ƙi faɗin adadi ya ɗora musu aikin yi masa lissafi ne, ba ladabi ya yi musu ba.

Na ce su juya takardar su ajiye. Za mu fara daga ƙarshe.

Jimlar da aka fara rubutawa

Zaman farko gaba ɗaya, kusan awa biyu, a kan buƙatar kawai muka yi shi. Na ce ina son jimla ɗaya da ke ɗauke da adadin kuɗi, da abin da za a saya, da lokacin da ake buƙatarsa, da abin da alƙali zai iya zuwa ya ƙirga da idonsa daga baya. Abu na farko da suka kawo shi ne miliyan ɗaya cif, tunda shi ne iyaka. Na hana. Adadin da ya yi daidai da silin gasa yana nuna an fara da kuɗin ne sannan aka nemo abin da za a cika shi da shi, kuma ɗan kasuwa yana jin warin wannan tun daga nesa.

Muka buɗe littafin shuɗi, muka bi inda suka yi asara, domin nan ne buƙata ta gaskiya take. Buhun farko ya tafi a banza: sun yanka albasar da kauri, suka shanya a tabarma a bisa rufin ɗaki, ƙura ta hau, bayanta ya bushe cikinta da danshi, ta yi baƙi. Daga nan ne ɗan sinadarai ya haɗa ƙaramin akwati da tarkacen katako da raga da farar leda, mai cin kilo 20, suka koma yanka siriri kamar milimita 3 zuwa 4. Akwatin ya yi aiki, sai dai buhu biyu sun ci musu kwana 24. Akwai kuma wata matsala. A zafin Sakkwato na Maris da Afrilu, da yakan haura digiri 40 a inuwa, cikin rufaffen akwati yana iya wuce digiri 60, kuma daga nan albasa takan fara soyuwa, launinta ya koma ruwan ƙasa, ƙamshin ya ragu. Dole sai da fanka mai fitar da iska. Asara ta biyu ta zo da damina: leda 30 sun dunƙule kamar dutse, saboda da harshen kyandir suke liƙe bakin leda, kuma garin albasa ba ya wasa da jan danshi ta ƙaramar kafa.

Ke nan asara biyu ta haifi saye biyu. Na tura su wajen mai walda da wajen masu sayar da kayan gidan burodi, na ce kada su dawo sai da farashi a rubuce a takardar shagon. Suka dawo da wannan: akwatin shanya na ƙarfe mai cin kilo 40, da fanka da ƙaramin farantin sola, naira 160,000, guda biyu 320,000. Injin liƙe leda da sikeli da abin yanka, 90,000. Sai jari. Buhu ɗaya daga kasuwa har ya zama leda 160 yana cin naira 33,000: albasar 18,000, matan da ke ɓarewa da yankawa 4,000, niƙa 1,600, leda da takardar suna 6,400, mota 3,000. Buhu goma 330,000. Jimla 740,000. Ɗan akanta ya so ya mayar da shi 750,000 don ya yi daɗin faɗi. Na ce ya bar shi yadda ya fito.

Da jimlar ta tsaya, sauran jawabin ya zama aikin tankaɗe. Kowace magana a tsohuwar takarda sai mu tambaye ta: kina taimaka wa alƙali ya yarda da 740,000? Tarihin jihadi bai taimaka ba, biliyoyin daloli ba su taimaka ba. Buhun da ya lalace ya taimaka, domin shi ne dalilin akwatin. Nan muka ɗan yi jayayya. Shugabar ta ce, "Malam, in munka hwaɗa musu mun yi asara, ai sai su ce ba mu iya ba." Na ce mata a cikin alƙalan akwai mutumin da ya shekara talatin yana loda kaya zuwa kudu, kuma ya san babu wanda ya taɓa yin sana'ar kayan gwari bai zubar ba. In ba ki faɗa ba zai tambaya, kuma a lokacin kina kare kanki ne.

Sai maganar tsawo. Mun auna bakinta: in tana magana a natse, tana yin kalma kamar 125 a minti. Minti biyar zai ɗauki 625, amma ba a cika jawabi har baki. Muka sa wa kanmu minti 4 da rabi, sauran rabin mintin na rawar murya ne da lasifikar da za ta iya ɗaukewa. Akwai kuma abin da ɗalibai ke mantawa: lamba a takarda kalma ɗaya ce, a baki kuwa 740,000 kalma biyar ce, dubu ɗari bakwai da arba'in. Jawabin da ke cike da lissafi yana cin lokaci fiye da yadda tsawonsa a takarda yake nunawa. Don haka muka tsaya a ƙasa da kalma 520.

Jawabin kamar yadda ta yi shi

"Assalamu alaikum. Iyayenmu alƙalai, barkanku da warhaka. Ledar nan da ke hannuna giram 50 ce. Albasa biyar ce a cikinta, an yanka, an busar, an niƙe. Mahaifina ya cire ta a fadamar Wurno a watan Maris na bara, yau wata goma ke nan. Akwai irinta a gaban kowannenku, ku buɗe ku sansana. Mu uku ne, ɗaliban wannan makaranta, kuma mun zo neman naira 740,000. Zan faɗa muku abin da za mu yi da ita.

"Duk wanda ya shiga Ramin Kura a watan Maris ya ga yadda albasa take cika kasuwa. Manomi yana sayarwa yadda aka taya, domin in ya ajiye a rudu, ruɓa za ta ci rabonta. Bara mun sayi buhu naira 18,000. Zuwa Nuwamba kuma uwargida tana jujjuya albasa ɗaya a hannu, tana tunanin ko ta raba ta girki biyu. Albasar da ta yi yawa a Maris ita ake nema a Nuwamba. Aikinmu shi ne mu tsallakar da ita.

"Mun gwada da kuɗinmu. Mun kashe naira 91,000 a kan buhu uku. Na farko ya lalace, saboda mun yanka da kauri mun shanya a fili. Sauran biyun sun ba mu leda 320. Mun sayar da 290 ga shaguna shida, naira 350 kowace leda. Talatin sun dunƙule da damina, saboda da kyandir muke liƙewa. Duk da asarar nan kuɗinmu ya dawo, har da ribar naira 10,500. Huɗu daga cikin shagunan sun dawo sun ƙara saya, kuma kowannensu ya sa hannu zai riƙa karɓar leda 30 a wata. Takardun suna cikin littafin da ke gabanku.

"Ga lissafin buhu ɗaya. Saye, yanka, niƙa, leda da mota, naira 33,000. Yana ba da leda 160, wato naira 56,000. Ribar buhu naira 23,000.

"Ni 'yar manomin albasa ce, a bakin gona nake saye, na kuma san wadda za ta bushe da kyau. Wannan ɗan'uwan nawa shi ya haɗa akwatin da muka yi gwaji da shi, shi ke kula da zafi da tsabta. Wancan shi ke riƙe da littafi, shi ke bin shaguna.

"Abin da muke nema naira 740,000 ne, kashi uku. Naira 320,000 ta akwatin shanya guda biyu, don kada mu sake zubar da buhu. Naira 90,000 ta injin liƙe leda da sikeli da abin yanka, don kada damina ta sake shiga ledarmu. Naira 330,000 ta albasa buhu goma da aikinta. Farashin kowanne yana rubuce a takardar mai shagon. Muna buƙatar kuɗin kafin 1 ga Maris, domin in arha ta wuce, lissafin nan ya rushe sai wata shekara.

"In kun ba mu, zuwa tsakiyar Afrilu za ku zo ku ƙirga leda 1,600. Zuwa ƙarshen Disamba za mu kawo muku littafin cinikin naira 560,000. Kuɗin kayan aiki ba zai fita a kaka ɗaya ba, sai mun sarrafa buhu 18, wato cikin kaka ta biyu. Amma daga nan ba za mu sake dawowa neman jari ba, cinikin bana shi ne jarin baɗi.

"Naira 740,000, kafin 1 ga Maris, leda 1,600 a Afrilu. Mun gode, Allah ya saka da alheri."

Sau uku adadin ya fito, kuma da gangan ne. Na farko a cikin daƙiƙa 40 na farko, domin alƙali ya saurari sauran maganar yana auna ta da wannan lamba, kuma ko ƙararrawa ta katse ta a tsakiya an riga an ji abin da ta zo nema. Na biyu a rarrabe, kowane kaso an ɗaure shi da asarar da aka riga aka ba da labarinta minti ɗaya da ya wuce, saboda haka ba sai an yi dogon bayani ba. Na uku shi ne abin da alƙali zai rubuta a takardarsa. Gaisuwa ta koma jimla biyu. Na ji tsoron kada dattawan su ga rashin kunya, shi ya sa muka bar "iyayenmu", kalma ɗaya da ta ɗauke nauyin muƙamai huɗu.

Hotunan majigi uku kawai muka bari: hoton buhun da ya yi baƙi kusa da farin gari, lissafin buhu ɗaya, da kashi ukun buƙata. Ta kuma koyi yin jawabin ba tare da su ba, saboda wuta. Ta maimaita shi sau goma sha biyu a gabana da gaban ƙawayenta a hostel. Wurin da take yawan tuntuɓe shi ne sakin layi na uku, inda lambobi suka taru, tana faɗin 290 a wurin 320. Maganin da muka samu shi ne ta daina haddace lambobin a jere, ta riƙa ba da su a matsayin labari, abin da aka samu, abin da aka sayar, abin da ya lalace, tana ɗan shiru bayan kowanne.

Akwai rami ɗaya a jawabin da na gani, na kuma faɗa musu. Shaguna huɗu, leda 30 a wata, daga Yuli zuwa Disamba wata shida, leda 720 ke nan. Su kuma sun yi alkawarin sayar da 1,600. Sauran 880 fa? Na ba su shawara su rage buhunan, ko su je su samo ƙarin sa hannu daga masu kilishi da masu haɗa yaji kafin ranar. Jarrabawa ta matso, ba su samu zuwa ba, kuma suka ƙi ragewa, suna ganin buhu goma ya fi cika ido. Na ƙyale su. Jawabinsu ne, kuma ina ganin malamin da ya gyara komai ya zama shi ne ɗan gasar.

Ranar gasa

Su ne na bakwai cikin goma. Kafin su, wata ƙungiya ta zo da manhajar haɗa manoma da masu saye, ƙararrawa ta same su suna shafi na tara cikin goma sha huɗu, ba su kai ga buƙata ba. Wasu masu kiwon jar akuya sun nemi miliyan ɗaya "domin faɗaɗa harka", da aka tambaye su akuya nawa, sai biyu daga cikinsu suka ba da amsa daban-daban.

Muryarta ta yi rawa a sallama, amma da alƙalan suka sunkuya suna yage leda, ƙamshin albasa ya tashi har layin gaba, wata Hajiya a cikinsu ta yi atishawa aka yi dariya, sai ta samu kanta. Ta gama a minti 4 da daƙiƙa 40.

Tambayar farko daga wani malamin jami'a ce, a kan lambar hukumar NAFDAC. Wannan sun shirya mata. Ɗan sinadarai ya ce ba su da ita tukuna, domin hukumar takan duba wurin da ake sarrafa abinci kafin ta yi rajista, su kuma a gida suka yi gwajin. Abin da suke roƙo bayan kuɗi shi ne a ara musu ɗaki ɗaya a cibiyar koyar da sana'o'i ta makaranta, su fara da rajistar sunan sana'a, sannan su nemi lambar daga cinikin farko. Hajiyar ta tambayi ko sun sa ladan guminsu a cikin 33,000. Ba su sa ba, ɗan akanta ya amsa gaskiya, ta ce to ribar nan ta 23,000 ba riba ce zalla ba, albashinku ne a ciki. Tana da gaskiya, kuma ni ma ban kama wannan ba.

Sai Alhajin nan mai lodin kaya, wanda tun da aka fara bai ɗaga kai daga littafin shuɗi ba. Ya cire tabarau ya ce, "Ɗiyata, na ga masu shago huɗu sun sa hannu. Ɗari bakwai da ishirin ke nan. Saura ɗari takwas da tamanin, wa za ya saye su?"

Ta ɗan yi shiru. Ta ce, "Baba, ranka shi daɗe, muna sa ran masu kilishi da masu yaji, amma ba mu da sa hannunsu."

Ya ce, "Sa rai ba ciniki ba na." Ya mayar da tabarau, ya ɗauki biro.

Na zaci shi ke nan. Amma abin da yake yi da biron shi ne rage lissafi, kuma ya iya yin haka ne kawai saboda an ba shi buƙatar a rarrabe da farashin kowane abu. Da aka zo sanar da sakamako, sun zo na biyu, aka ba su naira 448,000: akwati ɗaya 160,000, injin liƙe leda da sauran kaya 90,000, buhu shida 198,000. Buhu shida leda 960 ne, wato 720 da aka sa wa hannu da ƙarin 240 na neman sababbin masu saye. Da akwati ɗaya, kowane buhu zai ci kwana shida, shida ɗin su ƙare a kwana 36, kafin iskar damina ta fara kaɗawa. An kuma ara musu ɗakin. Masu jar akuya ba su samu komai ba, domin babu inda alƙali zai sa biro ya yanke a cikin "faɗaɗa harka".

A waje, ɗan akanta yana ta ƙunƙuni cewa an zaftare musu kusan dubu ɗari uku. Shugabar ba ta tanka masa ba, tana neman lambar mai walda a waya. Alhajin ya fito zai shiga mota, ya tsaya ya miƙa mata littafin shuɗi, ya ce akwai wani mai kilishi da ke sayen yaji a wurin ƙaninsa, ta je ranar Asabar da leda goma, kuma kada ta baro wurin sai da takarda.